Zauren Kimiyya: Sarƙar da ta yi kwana, da kabon mai hannu biyar

A hutun da ya wuce mun dawo gida Jahun daga jami'a, kuma kamar yadda muka saba, da yamma bayan la'asar mukan shimfiɗa tabarma a zaure mu duba littattafan ƙannenmu. Wata rana ƙanwarmu da ke aji biyu na babbar sakandare ta kawo mana takardar aikin gida ta darasin kemistiri. Tambayoyi goma ne a kan raɗa wa sinadaran kabon suna da zana tsarinsu. Maki huɗu ta samu.

Ta ce, "Yaya, wallahi na haddace sunayen nan tun daga methane har decane, amma ka ga jan biro ko'ina."

Da muka zauna muka bi takardar ɗaya bayan ɗaya, sai muka ga ba ƙarya ta yi ba, ta yi hadda. Tambayoyi shidan da ta faɗi kuwa, kurakurai uku ne kacal suke ta maimaita kansu: ba ta gano sarƙa mafi tsawo ba, ta fara ƙirga daga gefen da bai dace ba, sannan ta bai wa wani kabon hannu biyar. Mu ma waɗannan ukun ne suka riƙa cinye mana maki lokacin da muke ajinku, kuma irin tambayoyin nan suna fitowa a WAEC da NECO da JAMB. Don haka yau za mu bi takardar tata tare da ku.

Sunan sinadari kwatance ne

Kafin mu shiga tambayoyin, ku riƙe abu ɗaya. Sunan sinadari ba kamar sunan da ake raɗa wa jariri ranar suna ba ne, wanda iyaye ke zaɓa don ya yi musu daɗi. Ya fi kama da kwatancen gida: unguwa kaza, layi kaza, gida na uku a hannun dama. Wanda ya iya karanta kwatancen zai iya zana sinadarin ko da bai taɓa ganinsa ba. Masana sun fara zama a kan wannan tsari a birnin Janeba a shekarar 1892, kuma a yau ƙungiyar IUPAC, wadda aka kafa a 1919, ita ke kula da ƙa'idojinsa. Shi ya sa ɗaliba a Jahun da ɗalibi a Alƙahira za su zana abu iri ɗaya idan aka ba su suna ɗaya.

Kowane suna yana da sassa uku. Tsakiyarsa tana faɗin yawan kabon da ke cikin babbar sarƙa: meth ɗaya, eth biyu, prop uku, but huɗu, pent biyar, hex shida, hept bakwai, oct takwas. Ƙarshensa yana faɗin zuriyar sinadarin. Idan ya ƙare da -ane, duk ɗaurin da ke tsakanin kabon da kabon tilo ne, kamar propane da butane da ke cikin tukunyar gas ɗin girki. Idan ya ƙare da -ene, akwai tagwayen ɗauri a wani wuri, kamar ethene da ake yin leda da shi. Idan ya ƙare da -ol, akwai OH maƙale a jikin wani kabon, kamar ethanol da ke cikin ruwan tsaftace hannu da muka yi ta shafawa a lokacin korona. Farkon sunan kuma yana faɗin rassan da suka tsiro a jikin sarƙar da lambar wurin da kowanne yake.

Harafi ɗaya yana iya sauya komai. Methanol da ethanol bambancinsu kabon ɗaya ne, a rubuce kuma harafin m kawai. Amma ɗan kaɗan na methanol idan ya shiga cikin mutum yana iya makantar da shi, ko ma ya kashe shi. Don haka idan malami ya soke amsa saboda harafi ɗaya ko lamba ɗaya, ba tsanani ya yi ba, wani sinadarin daban aka rubuta masa.

Kuskure na farko: sarƙar da ta yi kwana

Ga tambaya ta uku a takardar ƙanwarmu. An ce ta faɗi sunan wannan:

```
CH3 - CH - CH2 - CH3
      |
      CH2
      |
      CH3
```

Ta kalli layin sama, ta ƙirga kabon huɗu, ta ce but. Ta ga reshe mai kabon biyu yana lilo a ƙarƙashin kabon na biyu, ta ce ethyl. Sai ta rubuta 2-ethylbutane. Da ganin farko kamar babu laifi, amma malam ya soke, kuma yana da gaskiya.

Muka tambaye ta, wanda ya taso daga Jahun zai tafi Dutse, idan motar ta iso Kiyawa ta yi kwana, za a ce tafiyar ta ƙare ke nan? Ta ce a'a, hanya ce ta lanƙwasa. To haka sarƙar kabon take. Layin da ya miƙe a kan takarda zaɓin mai zane ne kawai. A zahiri sarƙar ba ta taɓa miƙewa sak, kuma tana iya juyawa a kan kowane ɗauri tilo. Abin da ake nema shi ne hanya mafi tsawo da za a bi daga wani ƙarshe zuwa wani ƙarshe ba tare da an ɗaga biro ko an koma baya ba, ko da hanyar ta yi kwana.

Dabarar da muka nuna mata ita ce ta fara ƙirga bakunan sarƙar, wato kowane CH3 da ke ƙarshe. A nan guda uku ne: na hagu, na dama, da na ƙasa. Sai ta gwada kowace hanya da ke haɗa biyu daga cikinsu. Daga hagu zuwa dama kabon huɗu ne. Daga hagu zuwa ƙasa ma huɗu ne. Daga ƙasa zuwa dama kuwa biyar ne. Ashe babbar sarƙar pent ce, ba but ba. Abin da ya rage a waje shi ne CH3 ɗin nan na hagu, wanda yanzu ya zama reshe, wato methyl. Yana jikin kabon na uku ko ta wane gefe aka ƙirgo. Sunan gaskiya shi ne 3-methylpentane.

Daga nan za ku iya fitar da wata alama da za ta riƙa yi muku gargaɗi. A zuriyar -ane mai miƙaƙƙiyar sarƙa, idan amsarku ta fito da 1-methyl ko 2-ethyl, to ku tsaya, kun yi kuskure. Methyl a kan kabon na ɗaya ba reshe ba ne, ci gaban sarƙar ne. Ethyl a kan kabon na biyu kuma ya fi guntun da ke gefensa tsawo, don haka shi ya kamata sarƙar ta bi. Wannan duba na daƙiƙa biyar ne, amma da shi kaɗai ƙanwarmu ta gyara tambayoyi biyu.

Kuskure na biyu: ta wane gefe za a fara ƙirga?

Bayan an gano sarƙa, sai a sa wa kabon ɗinta lambobi. Sarƙa tana da baki biyu, don haka hanyoyin ƙirga biyu ne, ɗaya ce kuma daidai. Shawararmu ita ce kullum ku rubuta duka biyun da fensir, ɗaya a saman sarƙar, ɗaya a ƙasanta, sannan ku zaɓa.

Idan rassa ne kawai a jiki, ana zaɓar gefen da ya ba su ƙananan lambobi. Mu ɗauki wani sinadari da ke da alaƙa da kowane babur ɗin da ke yawo a garin nan:

```
      CH3         CH3
      |           |
CH3 - C - CH2  -  CH - CH3
      |
      CH3
```

Babbar sarƙar tana da kabon biyar, rassan methyl kuma uku ne. Daga hagu lambobinsu 2, 2, 4. Daga dama kuwa 2, 4, 4. Sai a jera su a kwatanta ɗaya bayan ɗaya. Lambar farko kunnen doki ce, biyu da biyu. A lamba ta biyu aka rabu: hagu ya ba da 2, dama ya ba da 4. Hagu ya yi nasara. Sunan shi ne 2,2,4-trimethylpentane, kuma da shi ake auna ingancin man fetur: an ba shi maki 100 a ma'aunin, an bai wa heptane sifili.

Ku lura da abubuwa uku a rubutun sunan. Kowane reshe yana da lambarsa, ko da biyu suna kan kabon ɗaya, shi ya sa 2 ta fito sau biyu. Kalmar tri tana nuna rassan uku ne, da biyu ne sai a ce di. Sannan waƙafi ne ke raba lamba da lamba, karan ɗori kuma ke raba lamba da harafi. Ku kuma lura cewa sunan ya ƙare da pentane, amma kabon takwas ne a jikin sinadarin gaba ɗaya. Pent yana ƙirga na cikin babbar sarƙa ne kawai.

Inda ƙanwarmu ta zame shi ne lokacin da tagwayen ɗauri ya shigo. Ga tambaya ta shida:

```
CH3 - CH = CH - CH - CH3
                |
                CH3
```

Ta riƙe ƙa'idar ƙananan lambobi ga rassa, ta ƙirgo daga dama don methyl ya samu 2, ta rubuta 2-methylpent-3-ene. Matsalar ita ce a cikin suna akwai babba da yaro. Idan dattijo ya shigo zaure, shi ake fara ba wa wurin zama kafin yara. Tagwayen ɗauri shi ne dattijon a nan, domin shi ya bai wa sinadarin zuriyarsa da halayensa. Daga hagu yana farawa a kabon na 2, daga dama a na 3. Don haka daga hagu za a ƙirgo, reshen kuma ya haƙura da duk lambar da ta faɗo masa, wato 4. Amsar ita ce 4-methylpent-2-ene. Tagwayen ɗaurin yana tsakanin kabon na 2 da na 3, amma ƙaramar lambar kaɗai ake rubutawa.

Haka abin yake a zuriyar -ol. Kabon ɗin da ke ɗauke da OH dole ya kasance cikin babbar sarƙa, kuma shi ake fara nema wa ƙaramar lamba. Tambaya ta takwas ita ce CH3CH(CH3)CH(OH)CH3. Daga hagu methyl yana 2, OH yana 3. Daga dama OH yana 2, methyl yana 3. Lambobin iri ɗaya ne, biyu da uku, amma wanda zai ɗauki 2 ɗin shi ne OH. Sunan shi ne 3-methylbutan-2-ol. Wanda ya rubuta 2-methylbutan-3-ol ya ga sinadarin daidai, amma ya zaunar da yaro a wurin dattijo.

Wata tambaya da ɗalibai ke yawan yi ita ce, me ya sa wani littafi ya rubuta 2-butene, wani kuma but-2-ene? Abu ɗaya suke nufi. Na farko tsohon salo ne. Tun shawarwarin IUPAC na 1993 ake sa lambar dab da sashen da take magana a kansa, don kada a rikice idan lambobi sun yi yawa. Mu dai muna ba ku shawarar ku saba da sabon, ku kuma tsaya a kan salo ɗaya a takardarku.

Kuskure na uku: kabon mai hannu biyar

Rabin takardar na biyu ya juya tambayar: an ba da suna, an ce a zana. A nan doka ɗaya ce ke mulki, wadda masanin nan ɗan Jamus, Kekule, ya bayyana a 1858: kabon hannu huɗu gare shi. Ba uku ba, ba biyar ba. Oksijin yana da biyu, haidirojin yana da ɗaya. Ɗauri tilo yana cin hannu ɗaya, tagwayen ɗauri yana cin biyu.

An ce ƙanwarmu ta zana 2-methylbut-2-ene. Ta jera kabon huɗu, ta sa tagwayen ɗauri, ta sa reshe, sai kuma ta rubuta CH a kabon na biyu, domin ta saba ganin CH a gefen tagwayen ɗauri. Da muka ce ta ƙirga hannayen wannan kabon, sai ta samu ɗaya zuwa hagu, biyu zuwa dama, ɗaya ga reshe, ɗaya ga haidirojin. Biyar ke nan. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, ashe aljani na zana."

Hanyar kauce wa wannan ita ce a karanta sunan daga tsakiya, a bar haidirojin sai ƙarshe. Da farko but ya ce a jera kabon huɗu tsirara, a sa musu lambobi. Sai 2-ene ya ce a sa tagwayen ɗauri tsakanin na 2 da na 3. Sai 2-methyl ya ce a maƙala kabon ɗaya a jikin na 2. Yanzu ne za a bi kowane kabon a tambaye shi hannu nawa ya rage masa. Na ɗaya ya yi amfani da ɗaya, saura uku, ya zama CH3. Na biyu ya yi amfani da huɗu, babu saura, ya tsaya C kawai. Na uku ya yi amfani da uku, saura ɗaya, ya zama CH. Na huɗu da reshen kowanne CH3 ne.

```
      CH3
      |
CH3 - C = CH - CH3
```

Akwai hanyar tabbatarwa kafin a miƙa takarda. Idan yawan kabon n ne, zuriyar -ane tana da haidirojin 2n+2, zuriyar -ene mai tagwayen ɗauri guda tana da 2n. A zanenmu kabon biyar ne, don haka haidirojin goma muke jira. Mu ƙirga: uku, da uku, da ɗaya, da uku, goma cif. A zanen ƙanwarmu na farko sha ɗaya ne. Yawan haidirojin a sinadarin da ya ƙunshi kabon da haidirojin da oksijin kawai ba ya zama mara, kullum cika yake. Da zarar kun ga sha ɗaya ko tara, kun san akwai hannun da ya ƙaru ko ya ɓace.

Sai dai wannan ƙirga yana da iyaka. Yana kama kuskuren haidirojin, amma ba ya kama reshen da aka sa a wurin da ba nasa ba. Misali, 2-methylpentane da 3-methylpentane duka C6H14 ne, amma sinadarai biyu ne daban. Don haka bayan ƙirga, sai ku rufe tambayar da hannu, ku raɗa wa zanenku suna kamar ba ku taɓa ganinsa ba. Idan sunan da kuka samu ya yi daidai da wanda aka ba ku, kun gama.

Abu na ƙarshe a zane ya shafi OH. Oksijin ne ke riƙe da kabon, ba haidirojin ba. Idan aka ce ku nuna kowane ɗauri, ga yadda ethanol yake:

```
    H   H
    |   |
H - C - C - O - H
    |   |
    H   H
```

Idan rukunin ya faɗo a hagun sarƙa, ku juya shi ku rubuta HO-CH2-CH3. Wanda ya rubuta OH-CH2-CH3 ya nuna kamar haidirojin ne ke riƙe da oksijin da kabon a lokaci guda, alhali hannu ɗaya gare shi. Haka ma idan OH yana sama ko ƙasan sarƙa, ku tabbata layin ya taɓa harafin O.

Yadda ta kaya

Muka ba ƙanwarmu farar takarda, ta sake yin tambayoyi shidan ba tare da mun sa baki ba. Ta ci biyar. Ta shidan ta faɗi ne saboda ta rubuta 2,3-methylbutane, ta manta da di, alhali rassan biyu ne. Ba mu faɗa mata ba. Muka ce ta ƙirga lambobin da ke farkon sunan, ta kwatanta da yawan rassan da sunan ya ambata. Lambobi biyu, methyl ɗaya. Nan take ta gyara zuwa 2,3-dimethylbutane.

Ga naku aikin na wannan mako. Na ɗaya, ku faɗi sunan CH3CH(CH3)CH2CH(C2H5)CH3, amma ku zana shi a buɗe tukuna, ku ƙirga bakunansa, domin akwai kwana a ciki. Na biyu, ku zana 2-methylpropan-2-ol, ku nuna kowane ɗauri, ku faɗi haidirojin nawa ne a jikin kabon na biyu. Na uku, wani ɗalibi ya rubuta 2,2-dimethylbut-2-ene a takardarsa, malam ya ce babu wannan sinadari a duniya. Ku gwada zana shi, ku gaya mana dalilin malam.

Ku yi aikin da fensir, ku nuna wa malaminku na kemistiri ko abokin karatunku ya ƙirga muku hannaye. Amsoshin za su zo a wannan fili mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba da sa'ar karatu.